Ciniki Uku, Kasada Ɗaya

Masu cinikin kuɗaɗen waje ta intanet da yawa sun bar wa manhaja aikin saye da sayarwa. Manhaja tana bin ƙa'idar da aka ba ta, amma idan ba a koya mata duba alaƙar da ke tsakanin cinikayyarta ba, za ta iya zuba jari duka a wuri ɗaya, mai ita yana zaton ya rarraba.

A ce mutum yana da dala 10,000, ya umarci manhajarsa kada hasarar kowane ciniki ta wuce dala 100. Da safe ta sayi EUR/USD, ta sayi GBP/USD, sannan ta sayar da USD/CHF. A allo ciniki uku ne, amma dukkansu fata ɗaya suke yi, wato darajar dala ta faɗi. Idan babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa ba zato, dala ta tashi, ukun za su iya faɗuwa lokaci guda. Hasarar da aka tsara a dala 100 ta zama 300.

Maganin shi ne ma'aunin alaƙa, lamba ce da ke tsakanin -1 da +1. Idan ta kusanci +1, farashin biyu tare suke hawa da sauka. Idan ta kusanci -1, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ana lissafa ta ne da canjin farashi na kowace rana, ba da farashin kansa ba, domin abubuwa biyu da suka daɗe suna tsada za su yi kama da masu alaƙa ko da babu abin da ya haɗa su.

Kafin manhaja ta buɗe sabon ciniki, sai ta gwada shi da duk wanda ke hannunta, ta amfani da bayanan kwanaki 60 da suka wuce, misali. Idan lambar ta haura iyakar da aka sa, kamar 0.7, sai ta ƙi cinikin ko ta rage girmansa. Dole kuma ta lura da alkibla. EUR/USD da USD/CHF sun saba tafiya a saɓa, don haka sayen na farko tare da sayar da na biyu ninka kasada ne.

Sai dai ma'aunin labarin jiya yake bayarwa. Tun 2011 babban bankin Suwizalan ya hana yuro faɗuwa ƙasa da faran 1.20, abin da ya sa kuɗaɗen biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ranar 15 ga Janairu 2015 ya janye wannan iyaka, faran ya yi tashin gwauron zabi cikin mintuna, alaƙar shekaru ta warware.

Shi ya sa ake gwada lissafin kwanaki 20 da na 60. Idan suka yi nisa da juna, alama ce dangantaka na sauyawa, a rage jari. Sannan a sa iyaka ta dabam a kan jimillar kasadar da ta rataya a kan kuɗi ɗaya, komai lambar da ma'aunin ya nuna.