Injin da ke rarrabe jini: me ake zubarwa, me ake mayarwa?

 Shirinmu na yau daga nan birnin Jos kan wani inji ne da likitoci ke kira aferesis, wanda ke ɗibar jinin mutum ta jijiya, ya ware kashi ɗaya, ya mayar masa da sauran nan take. Kada a haɗa shi da injin wankin ƙoda. Wancan dattin da ƙoda ta kasa fitarwa yake tacewa, wannan kuwa jinin kansa yake rarrabewa.

Sirrinsa nauyi ne. A cikinsa akwai wani mazubi mai juyawa da gudun gaske. Jajayen ƙwayoyin jini, da yake sun fi nauyi, su ke komawa can gefe. Fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su tsaya a tsakiya. Ruwan jinin, wato filasma, mai launin rawaya, wanda ya ɗan haura rabin jinin mutum, ya rage shi kaɗai. Ma'aikaci ne zai saita wa injin wanda zai zuba a leda.

Yaushe ake zubar da filasma? Idan cutar a cikinta take. A ce ga matashi daga Bukur, mai nauyin kilo 60. Ya yi gudawa ya warke, bayan mako biyu ƙafafunsa suka fara mutuwa, abin yana hawa sama har ya kusa taɓa numfashi. Wannan ita ce cutar Giyan-Bare: garkuwar jiki ta juya tana cin jijiyoyin laka, kuma makaman da take harbi da su suna yawo ne cikin filasma.

Likita zai yi lissafi. Kowane kilo na ɗauke da wajen mililita 40 na filasma, ke nan matashin na da kusan lita biyu da rabi. Za a cire wannan adadin cikin awa biyu zuwa uku, ana maye gurbinsa da ruwan albumin. To amma fa zama ɗaya ba ya kwashe cutar duka, kimanin kashi 63 cikin ɗari yake fitarwa, domin sabon ruwa na gauraya da tsoho tun ana cikin aikin. Ga kuma makaman da suka maƙale a tsoka, da za su gangaro cikin jini daga baya. Shi ya sa ake yin kamar zama biyar, ana tsallake kwana ɗaya a tsakani.

Mai jinya, ga abin lura. Don kada jini ya daskare a cikin injin, ana zuba masa sinadarin sitret, shi kuma yana kama kalsiyam ɗin jiki. Da majinyaci ya ce leɓɓansa ko yatsunsa na yi masa tsiki-tsiki, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya, za ta rage gudun injin ta ƙara masa kalsiyam. Jiri da gumi kuwa alama ce awon jini ya faɗi.

Ga mai sikila, lissafin ya juya. Shi filasmarsa lafiya lau take, jajayen ƙwayoyinsa ne ke lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini. Saboda haka su injin ke cirewa, ya saka masu lafiya, har masu sikilar su dawo ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Wani zai ce, a yi masa ƙarin jini mana a huta. Ƙari kawai yana sa jinin ya yi kauri, kaurin kuma shi ne abin gudu.

Mu da muka san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu mun san yadda yake tayar wa masu sikila da ciwon ƙashi. Wannan ciwon, duk zafinsa, yawanci ba na musayar jini ba ne, na ruwa ne da maganin raɗaɗi da ɗumi. Na musaya shi ne idan baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, ko kuma ƙirji ya riƙe da zazzaɓi numfashi na gagara. Nan a garzaya babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ko inda babu inji, likitoci na iya yin musayar da hannu, a zuƙe kaɗan a mayar da kaɗan, sai dai ta fi cin lokaci.

Injin dai ba ya ƙera jini. Musayar babban mutum ɗaya na iya cin leda takwas, kuma dole ya zama jinin da babu sikila a cikinsa. Mai rukunin AA, idan kana da ƙoshin lafiya, hukumar tara jini ta ƙasa na da cibiya a nan Jos. Daure ka leƙa ka ba da leda ɗaya.