Rarraba doguwar takardar neman tallafi zuwa sassa

A ce muna da furoje mai kalmomi 3000 a kan Adaranci, Hausar yankin Tawa, masu ba da tallafi kuwa suna son sashe huɗu: matsala (400), manufa (200), hanyar bincike (600), taƙaitawa (150). Jimilla 1350 ke nan, wato fiye da rabin rubutun zai fita.

Ba shafi-shafi muke yankawa ba. Muna bin kowane sakin layi, mu rubuta a gefensa tambayar da yake amsawa: don me, mene ne, ko ta yaya? Wanda ya amsa biyu, kamar mai bayyana ƙarancin rubuce-rubuce a kan Adaranci tare da yadda za a naɗi muryoyi, a raba shi. Wanda bai amsa ko ɗaya ba, a fitar da shi.

Daga nan sai gyaran kalmomin nuni. Tun da ana iya karanta kowane sashe shi kaɗai, "wannan karin harshe" ko "kamar yadda muka faɗa" ba su da madogara, sai a maido da sunan. Wannan gyara yana ƙara kalmomi, don haka muke barin sararin kamar kalmomi 30 a kowane babban sashe. Taƙaitawa ita ake rubutawa daga ƙarshe.