Yadda Ake Neman Allunan Gwaji a Wajen Shugaban Sashe

A jami'o'i da kwalejojin fasaha da dama, ɗalibi kan gama darasin maikirokwantirola bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannunsa ba. Maikirokwantirola ita ce 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa kayayyaki irin su inbata da mitar wuta. Da yake ta yi ƙanƙanta, sai a ɗora ta a kan allo mai ramukan cusa waya da wurin jona kwamfuta. Wannan allon ne malami ko mai kula da ɗakin gwaji ke rubuta takarda yana roƙon shugaban sashe a saya.

Shugaban sashe ba shi ke riƙe da lalitar makaranta ba. Yawanci sai ya kai buƙatar gaba, ya kare ta a gaban shugaban tsangaya da ofishin kuɗi. Saboda haka takardar da ke cin nasara ita ce wadda ta amsa masa tambayoyin da za a yi masa tun kafin a yi su.

Tambayar farko: guda nawa, kuma don me? Mu ɗauki misalin aji mai ɗalibai 120, da ɗakin gwajin da ke ɗaukar mutum 40 a zama ɗaya. Ke nan za a raba su rukuni uku a mako. Idan ɗalibai biyu za su haɗu a kan allo ɗaya, allo 20 ake buƙata, ba 120 ba. Sai a ƙara huɗu na ko-ta-kwana, ya zama 24. Kada a yarda a wuce mutum biyu ko uku a allo, domin da sun kai biyar, ɗaya ne ke aiki, sauran 'yan kallo ne.

Tambaya ta biyu: wane iri? Ga masu fara koyo, Arduino Uno ya fi dacewa. Yana ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, yana aiki da bolt 5, kuma a samfurin da aka fi sani ƙwaƙwalwar zaune take a kan soket. Idan ɗalibi ya ƙona ta, sai a zare a sa wata, ba sai an jefar da allon ba. Shi kuwa ESP32 yana da Wi-Fi da Bluetooth, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da bolt 3.3 yake aiki, kuma wanda ya kai wa ƙafafunsa bolt 5 na iya lalata shi. Dabarar ita ce a sa Uno ya zama na kowa, a nemi ESP32 kamar guda shida don ayyukan 'yan ajin ƙarshe.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙananan kaya. Allo shi kaɗai ba ya koyar da komai. Kowane tebur na buƙatar allon ramuka da ake haɗa da'ira a kai ba tare da dalma ba, da wayoyin haɗi, da resista, da ƙananan fitilu, da mitar awon wuta. Idan babu resista, ɗalibi zai jona fitila kai tsaye, ya tilasta wa ƙafar allon ba da wutar da ta wuce miliyamfa 20 da aka ba da shawara. Haka wayar USB: wadansu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Alamar ita ce fitilar allon ta kama, amma kwamfuta ba ta ganin sa.

A faɗi gaskiya kuma game da na asali da na kwaikwayo. Na kwaikwayon sun fi araha, kuma da yawansu na aiki lafiya, sai dai galibi suna amfani da CH340, wanda wadansu kwamfutoci ba sa gane shi sai an sa musu manhajarsa. Gara a rubuta wanda ake so ƙarara, kada ɗan kwangila ya karɓi kuɗin na asali ya kawo na kwaikwayo.

Wajen kuɗi, a haɗa takardun farashi daga dillalai uku, kowacce da kwanan wata da wa'adin da farashin zai tsaya, tunda kayan daga waje ake shigo da su kuma canjin dala ba ya zama wuri ɗaya. A raba buƙatar gida biyu: abin da ba a iya fara darasi sai da shi, da abin da zai iya jira zuwa zango mai zuwa. Idan an rage kuɗin, shugaban sashe ya san inda zai datse.

A ƙarshen takardar a bayyana wanda zai riƙe makullin kabad, da cewa kowane allo zai sami lamba da rajistar aro. A kuma sa sharaɗin cewa ba za a sa hannu a takardar karɓar kaya ba sai an gwada allunan ɗaya bayan ɗaya da shirin Blink, wanda ke zuwa cikin manhajar Arduino. Idan 'yar fitilar da ke kan allon ta kama daƙiƙa ɗaya ta mutu daƙiƙa ɗaya, to waya da allo da ƙwaƙwalwa duk suna aiki. Wanda ya ƙi, a mayar wa dillali kafin a biya shi.