Yadda shekarun dabba ke bambanta naman maraƙi, na sa da na rago

A kasuwannin dabbobi na Nguru da Gashua, a arewacin jihar Yobe, mahauci kan buɗe bakin dabba kafin ya yi tayi. Dalili shi ne haƙora suna nuna shekaru, shekaru kuma su ne ke yanke hukunci kan taushin nama, ɗanɗanonsa da irin kitsensa.

Shanu da tumaki suna da haƙoran gaba guda takwas a muƙamuƙin ƙasa. Sa kan famfare biyun farko yana da kimanin shekara 2, rago kuwa tsakanin wata 12 zuwa 18. Idan duka takwas ɗin suka zama manya, dabbar ta kai kimanin shekara 4 ko fiye.

Abin da ke sauyawa a cikin naman shi ne jijiyoyin da ke ɗaure tsoka. A jikin maraƙi suna da laushi, zafi kaɗan ke narkar da su. Shi ya sa namansa ke nuna da wuri, sai dai launinsa a koɗe yake, kitsensa kaɗan ne, romonsa kuma salam.

Yayin da dabba ke girma, jijiyoyin suna ƙara sarƙewa, naman ya yi ja sosai, ɗanɗanonsa ya yi ƙarfi. Kitsen tsohuwar saniya kan koma rawaya saboda launin da ya taru daga ɗanyar ciyawa, kuma wannan ba alamar cuta ba ce.

A tumaki kuwa, irin su Uda da Balami, bambancin ya fi fitowa a kitse. Sinadaran da ke ba naman rago ƙamshinsa suna taruwa a kitsen ne, suna ƙaruwa da shekaru, musamman a ragon da ba a dandaƙe ba. Kitsen kuma yana saurin daskarewa, don haka balangun tsohon rago ya fi daɗi da zafinsa.

Wanda ya sayi naman tsohuwar saniya ya yi tsire da shi zai sha tauna, domin wutar gashi tana ƙanƙance jijiyoyin kafin su narke. Naman nan kuwa, in an dafa shi cikin ruwa a ƙaramar wuta na awa 2 zuwa 3, jijiyoyin za su narke su ba farfesu kauri.

Tsire ya fi dacewa da matashin sa ko rago mai haƙora biyu. Kilishi kuma yana son jar tsokar cinyar babban sa marar kitse, domin kitse na sa shi saurin lalacewa.

Turka tana ƙara wa tsohuwar dabba kitse da nauyi, amma ba ta mayar da jijiyoyinta na ƙuruciya. Saboda haka ƙiba kaɗai ba ta isa shaidar taushi ba, sai an duba baki.