Kafin ki ce "ɗan wance ne" a hoton taron jama'a

Kwana biyu bayan zanga-zangar 1 ga Agusta, 2024, wadda aka wawashe cibiyar fasaha ta NCC a Kano, wata maƙwabciyata a Na'ibawa ta shigo mini hankali tashe. An turo hoto a zauren WhatsApp na matan unguwa, an zagaye wani kai da jan layi, an ce ɗanta ne ɗauke da kaya. Yaron leburan wata masana'anta ne a Sharaɗa. Ta ce, "Maman Ummi, duba mini don Allah, shi ne?"

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Babu ido, babu hanci, sai dunƙulen baƙi da farar riga.

Ga dalili. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kowanne launi ɗaya tak. Idan aka tura hoto yadda aka saba a WhatsApp, ana rage shi zuwa ɗigo 1,600 ko kusa da haka a ɓangarensa mafi tsawo. A ce hoton ya ɗauko titi mai faɗin mita 20. Kowace mita ta samu ɗigo 80 ke nan. Faɗin fuskar babba bai wuce santimita 15 ba, don haka rabonta ɗigo 12. Ido guda, ɗigo biyu ko uku. Ina tsagar gado ko tabo za su fito a nan? A lokacin, ƙa'idar masu kafa kyamarar tsaro tana neman ɗigo 250 a kowace mita kafin a tantance mutum, ninki uku da 'yan kai na abin da ke hannunmu.

Zuƙo hoton ba ya ƙara komai, ɗigon 12 ɗin ne suke kumbura. Idan kuma daga bidiyo aka tsakuro shi, mai gudu yana iya matsawa santimita 10 kafin kyamara ta gama ɗaukar hoto guda, sai fuskar ta shafe kamar lallen da aka goge da ɗanyensa.

Abin da ya fi damuna shi ne jan layin da sunan. Da zarar an ce miki wane ne, ƙwaƙwalwarki ce take cike giɓin da kamannin da kika sani. Ko a asibiti, ga majiyyaci a gabana ido da ido, ba na yi masa allura sai na tambayi suna na duba kati.

Sai muka yi gwaji. Muka yanke kan kaɗai, ba suna, muka nuna wa mata uku da suka san yaron tun yana goye. Ɗaya ta ambaci wani mai sayar da lemo, biyu suka ce ba su gane kowa ba. Uwar ta tura amsoshin zauren, ta nemi wadda ta fara yaɗa hoton ta kawo na asali. Har yau ba ta kawo ba.