Yadda dafin tetanos ke sarƙe bakin jariri kafin ranar suna

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta shawo kan tetanos na masu jego da jarirai, ciwon da ake kira sarƙe-haƙora. Ma'aunin shi ne a samu ƙasa da jariri ɗaya mai ciwon a cikin dubu da aka haifa a kowace gunduma. Sai dai ƙwayar cutar ba ta tafi ko'ina ba, domin tana kwance a cikin ƙasa da kashin dabbobi. A Dakoro da ke arewacin jihar Maradi, inda noma da kiwo suka haɗu kuma rugage da yawa ke nesa da asibiti, haɗarin yana nan.

Ɓarnar tana faruwa ne a bakin jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki. Jijiya ba ta manne da wadda ke gabanta, akwai ɗan rata a tsakaninsu, kuma sinadari ne ke tsallaka shi da saƙon. Jijiyar tana adana sinadarin a cikin wasu 'yan jakunkuna, waɗanda sai an jera kusan 25,000 kafin su cika milimita ɗaya. Saƙo ba ya fita sai jaka ta haɗe da bangon jijiyar ta buɗe.

Furotin uku ne ke wannan aiki. Sinaftobirebin yana jikin jakar, sintaksin da SNAP-25 kuma suna jikin bangon. Su ukun suna murɗewa kamar tufkar igiya, suna jawo jakar har ta matse da bango. Da zarar saƙon lantarki ya iso, sai kalsiyam ya kwararo ciki ya tayar da tarkon, jakar ta zubar da kayanta cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Binciken wannan tsari na cikin abin da ya kai James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof ga kyautar Nobel a 2013.

A 1992 masana a jami'ar Padua ta Italiya, ƙarƙashin Cesare Montecucco, suka nuna cewa dafin tetanos almakashi ne da ke datse sinaftobirebin. Idan igiya ɗaya ta tsinke, tufka ba ta yiwuwa, sai jakunkunan su tsaya cike ba su buɗe ba.

A ɗauki misalin jaririn da aka yanke wa cibiya da tsohuwar reza, ko aka shafa mata toka. Ƙwayar tana tsira a raunin da iska ba ta shiga, ta saki dafi. Dafin yana bin jijiya har zuwa lakar gadon baya, ya shiga jijiyoyin da ke taka wa tsoka birki. Tafiyar tana cin kwanaki, shi ya sa jaririn ke shan nono lafiya a kwana biyun farko. Tsakanin kwana na 3 da na 28, galibi wajejen ranar suna, sai ya kasa kama nono, muƙamuƙi ya sarƙe, jiki ya sandare, baya ya lanƙwashe. Tun da birki ya tsinke, ƙara ko haske ko taɓawa kaɗan na iya tayar da jijjiga.

Dafin botulizim, wanda kan fito daga abincin gwangwani da ya lalace, waɗannan furotin ɗin yake yanka, amma shi a mahaɗar jijiya da tsoka yake tsayawa. Umarnin motsi ne ba ya isa, don haka jiki saki yake yi, fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara.

Wannan ne ke bayyana iyakar magani. Allurar kashe dafi tana kama wanda bai shiga jijiya ba ne kawai. Wanda ya riga ya shiga sai an jira jiki ya gyara ɓarnar, abin da ke ɗaukar makonni. A tsawon lokacin ana ajiye jariri a ɗaki mai duhu marar hayaniya, a ba shi diyazefam don sassauta tsoka da maganin kashe ƙwayar, a ciyar da shi ta bututun hanci. Idan tsokar numfashi ta sandare, rai na iya salwanta inda babu na'urar taimakon numfashi.

Rigakafi kuwa yana tare dafin tun yana cikin jini. Mai cikin da ba ta taɓa karɓa ba tana buƙatar allura biyu, da tazarar aƙalla mako huɗu, ta biyun kuma aƙalla mako biyu kafin haihuwa, domin kariyar ta ratsa mabiyiya ta kai ga jariri. Allura biyar a kan ƙa'ida suna kare mace tsawon shekarunta na haihuwa. Ko wanda ya warke daga tetanos sai an yi masa rigakafi, domin ɗan dafin da ke kwantar da mutum bai kai yawan da jiki zai koyi yaƙar sa ba.