Wasiƙar Ɗalibar Lauya Daga Mubi: Wane Ne Ɗan Gudun Hijira a Idon Doka?

A hutun da ya wuce wata 'yar aminina, haifaffiyar Mubi, ta zo gaishe ni da takarda a hannunta. Tana shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma tana so wani malaminsu da ke koyar da dokokin ƙasa da ƙasa ya zama shi ne mai duba kundin digirinta. A tsangayoyi da yawa sashe ne ke raba ɗalibai ga malamai, amma inda aka ba ɗalibi damar nema, wasiƙa ce ke fara shiga ofis kafin mai ita. Ta ce, "Baba, ka duba mini kafin in kai."

Da Turanci ta rubuta, kamar yadda aka saba, amma ga abin da ta ƙunsa. Gaisuwa mai kyau, yabon malam layi huɗu, sannan ta ce tana son yin bincike a kan "matsalolin 'yan gudun hijira a Nijeriya da hanyoyin magance su", domin ita kanta ta yi gudun hijira tana ƙarama. Ladabin wasiƙar ya cika. Abin da babu a ciki shi ne tambayar shari'a, kuma ita malamin zai fara nema.

Na tambaye ta inda suka gudu lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi a ranar 29 ga Oktoba, 2014. Ta ce su Yola suka nufa, amma innarta da 'ya'yanta gabas suka bi ta kan duwatsu suka faɗa Kamaru. Na ce mata to ga kundinta nan a cikin wannan amsar, domin a bakin Bahaushe su duka 'yan gudun hijira ne, a wurin doka kuwa ita da innarta ba matsayinsu ɗaya ba.

Ita da ta tsaya a Yola ba ta ƙetare iyakar ƙasa ba. 'Yar ƙasa ce da rikici ya raba da gidanta, haƙƙinta yana wuyan gwamnatin Nijeriya, kuma yarjejeniyar da ta shafe ta ita ce ta Kamfala, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla a 2009. Innarta ce dokar 'yan gudun hijira ta sani, don ita ta bar ƙasarta ta shiga wata. Ranar da innar ta dawo kuma ta shiga aji na uku, na waɗanda suka komo, masu nasu sharuɗɗan. Ɗalibin da ya cakuɗa ukun nan a taken kundinsa ya shaida wa malami tun a layin farko cewa bai buɗe yarjejeniyoyin ba. Wannan ne kuskuren da na fi gani, kuma harshenmu na da hannu a ciki, tunda kalma guda muke da ita a kan mutum uku.

Ko innar ma, sai an duba wace yarjejeniya ce ta rufe ta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na a tsananta masa a kan ɗayan abubuwa biyar: launin fata ko jinsi, addini, ƙasar asali, kasancewa cikin wani rukunin jama'a, ko ra'ayin siyasa. Matar da ta ji harbi ta goya ɗa ta gudu tare da dukan unguwarsu, zai iya yi mata wuya ta nuna cewa ita aka nufa kuma saboda ɗaya daga cikin biyar ɗin. Shugabannin Afirka sun ga wannan giɓin. Yarjejeniyar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da ita a Adis Ababa a 1969 ta ƙara da wanda ya bar ƙasarsa saboda harin waje, ko mamaya, ko mulkin baƙi, ko al'amuran da suka dagula zaman lafiyar jama'a ƙwarai a wani yanki na ƙasar ko dukanta. Gari irin Mubi da 'yan bindiga suka ƙwace har suka sake masa suna ya shiga wannan ma'anar ba tare da gardama ba.

Daga nan muka matsa zuwa Sahuda, mashigar kan iyaka da ke kusa da Mubi. A watan Yulin 2015 an kai hare-haren ƙunar baƙin wake a Fotokol da Marwa, a arewacin Kamaru. Bayan haka hukumomin Kamaru suka shiga kwaso 'yan Nijeriya da ke zaune a garuruwan iyaka, ba cikin sansanin Minawawo ba, suna maido su. A watan Agusta dubbai suka shigo ta Sahuda, da yawansu mutanen Borno ne da ba su taɓa ganin Mubi ba, aka wuce da su sansanonin Yola. A 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto tana zargin sojojin Kamaru da tilasta wa 'yan Nijeriya aƙalla 100,000 komawa tun daga farkon 2015. Gwamnatin Kamaru ta musanta cewa tilasta musu aka yi.

Zargi da musu a kan abu guda, a nan lauya ke samun aiki. Sashe na 33 na yarjejeniyar 1951 ya hana mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Mai kare Kamaru zai ce mutanen ba su yi rajista ba, ba su da takarda. Amsar da masana suka daɗe da tsayawa a kai ita ce rajista ba ita ke mai da mutum ɗan gudun hijira ba, tabbatar da abin da ya riga ya kasance kawai take yi. Zai sake cewa ai sashen ya yi togiya a kan wanda ke barazana ga tsaron ƙasa. Haka ne, amma togiyar a kan mutum guda take, wanda aka sami dalili a kansa, ba a kan babbar mota cike da mata da yara ba. Sashe na 2 na yarjejeniyar 1969 kuwa ya hana korar mutum ko tare shi a bakin iyaka, kuma bai kawo irin wannan togiyar ba. Sashe na 5 ya ce komawa gida sai da yardar mai komawa. Sai dai kuma mai kare Kamaru yana da hujjar da ba za a raina ba: lokacin an riga an ƙwato Mubi tun Nuwamban 2014, kuma jami'an Nijeriya ne suka karɓi mutanen. Shin wanda aka miƙa wa gwamnatinsa a gari mai zaman lafiya, alhali ƙauyensa na hannun 'yan bindiga, an mayar da shi cikin haɗari? Na ce mata babi guda cur zai tafi a kan wannan, kuma ni a ganina shi ne zai fi kowanne daraja.

Ba zan bar wani abu ya wuce ba, ko da ba zai sami wuri a wasiƙar ba. Mubi kanta tana cikin yankin Arewacin Kamaru da Ingila ta riƙe amana, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta zama Nijeriya, a lardin Sardauna. Iyakar da ta bambanta matsayin yarinyar nan da na innarta ta ratsa ta tsakiyar dangi ne, Gude da Fali da Fulani suna nan suna can. Shi ya sa mutane da yawa da suka ƙetara ba su nemi sansani ba, gidan 'yan'uwa suka sauka, kuma wannan saukar ce ta bar su babu takarda ranar da aka zo kwasa.

Bayan kwana uku ta dawo da sabuwar wasiƙa, shafi ɗaya. Gaisuwar ta koma layi biyu. Ga zuciyarta, na mayar da ita Hausa:

"Malam, ina neman alfarmar ka duba kundina. Tambayata guda ce: shin maido da 'yan Nijeriya daga Kamaru ta Sahuda a watan Agustan 2015 ya dace da sashe na 2 da na 5 na yarjejeniyar 1969? Zan kwatanta shi da komowar da aka tsara ƙarƙashin yarjejeniyar ɓangarori uku da Nijeriya da Kamaru da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa hannu a Yawunde ranar 2 ga Maris, 2017. Ba zan taɓa batun waɗanda suka yi gudun hijira a cikin gida ba. Na nemi Malam ne saboda darasin da ka ba mu a kan sashe na 12 na tsarin mulki."

Jimlar ƙarshen nan ta fi dukan yabon farko amfani, domin ta nuna ta saurari mutumin, kuma ta san inda ilminsa ya haɗu da buƙatarta. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta da ƙarfin doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyoyin 1951 da 1969 sun shigo ta Dokar Soja mai lamba 52 ta 1989, wadda ta kafa hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa. Ta Kamfala kuwa, Nijeriya ta amince da ita a 2012, amma lokacin da aka sauke mutanen Sahuda a Yola ba ta zama dokar cikin gida ba. Da suka taka ƙasar Nijeriya sun fita daga kariyar da baƙo mai neman mafaka ke da ita, sun shiga wani hali da dokar gida ba ta yi masa cikakken tanadi ba.

Na sa ta ƙara sakin layi biyu. Na farko a kan abin da zai iya kawo mata cikas. Dokar Kamaru ta 'yan gudun hijira ta 2005 ce, kuma takardun hukumomin can galibi da Faransanci suke, ita kuwa ba ta jin sa, don haka ta faɗi wanda zai taimaka mata da fassara. Malami ya fi natsuwa da ɗalibin da ya hango ramin da ke gabansa.

Na biyu ya fi nauyi. Tana so ta yi hira da mutum goma sha biyu da suka komo, har da innarta. Na ce ta rubuta cewa za ta nemi izinin tsangaya tukuna, ba za ta ambaci sunan kowa ko unguwarsa ba, kuma za ta bayyana wa kowa tun farko cewa ita ɗaliba ce, ba ta raba kayan agaji, ba ta rubuta sunaye don tallafi. Wanda ya sha ganin masu littafi da biro yakan ba da amsar da yake zaton za ta kawo buhun masara, kuma hakan na ɓata bincike. Sannan kada ta tambayi mutum, "Da son ranki kika dawo?" Kusan kowa zai ce e, don ba mai son a ce koro shi aka yi. Ta tambaya wa ya zo, da wace mota, an ba su lokacin haɗa kaya, an faɗa musu inda za a kai su, akwai wanda ya ce ba zai hau ba, kuma me ya same shi. Daga waɗannan amsoshin ake gane yarda da tilas. Hirar innarta kuwa na ba ta shawarar ta cire ta daga lissafi, ko ta faɗi dangantakarsu a fili a babin farko.

Ta haɗa da tsarin babi biyar a rabin shafi, da watan da take sa ran miƙa kowanne, ta sa hannu. Labarin gudunta na Yola ya koma jimla ɗaya a ƙarshe, inda ta ce ita 'yar Mubi ce, tana jin Fulatanci, kuma ta san hanyar Sahuda. Ranar Litinin ta kai wasiƙar ofishin malamin da hannunta.